Layin da Ba Ka Gane Ba: Yadda Ake Taɓa Manhajar Gado

Waɗanda suka yi sammako daga Azare da Itas da Jama'are domin wannan zama, Allah ya saka da alheri.

Zan fara da abin da na tabbata yawancinku kun taɓa gani. A kusan kowane ofishin jarrabawa ko na albashi akwai wata kwamfuta guda da ake lallaɓawa kamar ƙwai. A cikinta akwai wata ƙaramar manhaja, irin wadda masu sana'armu suke kira sikirif, wato jerin umarni da wani ya rubuta domin kwamfuta ta riƙa yin wani aiki da kanta. Idan ka tambayi wanda ya rubuta ta, sai a ce maka wani mai yi wa ƙasa hidima ne, ya gama shekararsa ya koma garinsu. Ko kuma ɗalibi ne da ya zo koyon aiki na wata shida. Wannan jami'a ta Gadau an buɗe ta ne a 2011, yarinya ce a cikin jami'o'i, amma shekarun da ta yi sun ishi rukuni fiye da goma na masu hidimar ƙasa su zo su wuce. Kowace ma'aikata a ƙasar Katagum haka take: mutane suna tafiya, abin da suka rubuta yana nan yana aiki. Wata rana kuma za a kira ɗayanku a ce, tunda kai ka karanta kwamfuta, ga ɗan gyara a yi mana.

Abu ɗaya nake so ku tafi da shi yau. Ba sai ka fahimci kowane layi ba kafin ka iya taɓa manhajar gado lafiya. Abin da ya zama dole shi ne ka mallaki hanyar da za ta nuna maka, a take, duk abin da ya canja bayan ka taɓa ta. Zan bi da ku ta wani aiki da na yi da hannuna a wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba.

Fayil ɗin sunansa `lissafi.py`, an rubuta shi da Python, layinsa bai kai ɗari uku ba. Yana karanta makin ɗalibai daga fayil ɗin CSV da aka fitar daga Excel, ya haɗa makin gwaji da na jarrabawa, ya ba kowane kwas harafinsa, sannan ya fitar da GPA na kowane ɗalibi. Ma'aunin shi ne wanda kuka sani: 70 zuwa sama A mai nauyin 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuma F. Abin da aka roƙe ni kaɗan ne. Jami'in jarrabawa yana so a ƙara gurbi ɗaya a ƙarshen kowane layi mai nuna kwasa-kwasan da ɗalibi zai maimaita. Babu takardar bayani, babu sharhi a cikin fayil ɗin sai biyu ko uku, wanda ya rubuta kuma ya bar wurin da shekaru.

Ban buɗe fayil ɗin da niyyar gyara ba a ranar farko. Na kwafe foldar gaba ɗaya, na sa kwafin a ƙarƙashin Git domin ya riƙe mini hoton yadda na same shi:

```
cp -r sakamako sakamako_gwaji
cd sakamako_gwaji
git init
git add .
git commit -m "yadda na same shi"
```

Daga wannan lokaci duk ɓarnar da na yi ina iya komawa baya. Ku lura, Git ɗin nan a kan kwamfutar yake zaune kawai. Makin 'ya'yan mutane amana ne, ba a ɗora shi a intanet da sunan ajiya.

Amma kwafi kaɗai ba ya kare ka, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Sikirif yana iya zama a sabuwar folda alhali hannunsa yana can cikin tsohuwar. Idan marubucin ya rubuta cikakken adireshin fayil a ciki, irin wanda yake farawa da `C:\Users`, to ko daga ina ka kunna shi can zai je ya rubuta. Saboda haka kafin na kunna shi ko sau ɗaya, na nemo duk wuraren da yake taɓa wani abu a wajen kansa: inda yake buɗe fayil, inda yake gogewa, inda yake aika saƙo, inda yake canja rumbun bayanai.

```
grep -nE "open\(|remove|rmtree|replace|smtplib|UPDATE|DELETE|C:" lissafi.py
```

Masu amfani da Windows za su sami `grep` da `diff` a cikin Git Bash, wanda yake zuwa tare da Git. Wannan umarni ya fito mini da layuka bakwai. Ɗaya daga cikinsu yana rubuta kwafin sakamako kai tsaye a foldar da ake ɗaukar takardun da za a kai wa kwamitin jarrabawa. Da na kunna shi da bayanan gwaji ban duba ba, da na danne sakamakon gaskiya da na ƙarya. Na karkatar da wannan adireshi zuwa foldar gwaji, na ajiye canjin shi kaɗai a Git da bayaninsa. Ku kuma tambayi kanku wa yake kunna sikirif ɗin. Wani lokaci ba mutum ba ne, agogon kwamfutar ne: a Linux ku duba da `crontab -l`, a Windows ku buɗe Task Scheduler.

Yanzu ga zuciyar aikin. Na roƙi jami'in jarrabawa ya ba ni makin bara na 'yan aji ɗaya, su 412, wanda an riga an amince da sakamakonsa an liƙa a allo. Na ba tsohon sikirif ɗin, ban canja masa lissafi ko ɗaya ba, na ajiye abin da ya fitar. Sannan na sake kunna shi karo na biyu na gwada fitarwar biyu:

```
python lissafi.py maki_bara.csv tsoho.csv
python lissafi.py maki_bara.csv tsoho2.csv
diff tsoho.csv tsoho2.csv
```

`diff` yana nuna layukan da suka bambanta tsakanin fayil biyu, idan babu bambanci sai ya yi shiru. Dalilin kunnawa sau biyu shi ne wasu sikirif suna sa kwanan wata ko agogo a cikin abin da suke fitarwa, ko su jera sunaye a wani tsari dabam kowane karo. Idan haka ne sai ka fara daidaita wannan, in ba haka ba hayaniya za ta rufe maka abin da kake nema. Nawa ya yi shiru. Na kuma gwada `tsoho.csv` da takardar da aka liƙa bara, domin in tabbata wannan fayil ɗin ne aka yi aiki da shi ba wani ɗan'uwansa da ke ɓoye a wata folda ba. Suka dace.

Wannan `tsoho.csv` ya zama mudun awo. Michael Feathers, a littafinsa na 2004 kan aiki da tsohuwar manhaja, ya yi bayanin irin wannan gwaji: gwajin da ba ya tambayar me ya kamata manhaja ta yi, sai dai ya rubuta abin da take yi a yau, daidai ne ko kuskure. Kamar mai gini ne da zai huda ƙofa a jikin tsohon soro. Kafin ya ɗaga diga zai duba kowace tsaga ya yi mata alama, domin gobe idan ya ga tsaga ya san ko tasa ce ko ta da.

Kafin na rubuta komai, na ɗauki biro na rubuta a takarda abin da nake sa ran gani: kowane layi zai ƙaru da gurbi na biyar, gurabe huɗun farko kuwa, wato lambar ɗalibi da yunit da jimillar nauyi da GPA, ba za su motsa ba ko a mutum ɗaya. Ina roƙonku kada ku raina wannan takarda. Wanda bai faɗi abin da yake jira ba tun farko, duk abin da ya fito zai nemo masa hujja.

Na rubuta sabon gurbin, layi goma sha biyu. Ina cikin haka sai idona ya faɗa kan wannan layi:

```
maki = int(jimla + 0.5)
```

Duk ɗalibin aji biyu ya san abin da ake nufi: a cike rabin maki zuwa cikakkiyar lamba. Ya kuma san Python yana da `round` da aka yi domin wannan aiki. Na ɗauka marubucin bai sani ba ne, na mayar da shi `round(jimla)`. Ban yi da ka ba, na gwada. Na ba shi 69.5 ya ba ni 70, na ba shi 39.5 ya ba ni 40. Hankalina ya kwanta. Sai na kunna a kan makin bara, na yanke gurabe huɗun farko na gwada su da mudu:

```
python lissafi.py maki_bara.csv sabo.csv
cut -d, -f1-4 sabo.csv | diff --strip-trailing-cr tsoho.csv -
```

Wannan `--strip-trailing-cr` yana hana `diff` kuka a kan alamar ƙarshen layi ta Windows, wadda `cut` yake yankewa. Shiru nake jira, amma ɗalibai uku suka fito. Ga na farkonsu, na canja lambarsa:

```
< 0187,18,45,2.50
> 0187,18,42,2.33
```

Ku dubi wannan yaro da kyau. Yunit 18 ya ɗauka. A tsohon lissafi jimillar nauyinsa 45, idan ka raba da 18 ka sami 2.50. A sabo ta koma 42, wato 2.33. Nauyi uku sun ɓace, kuma a tsarin da digiri mai daraja ta biyu yake farawa daga 2.40, na tsallakar da shi iyaka zuwa ƙasa ba tare da ya yi laifin komai ba. Na buɗe makinsa. A wani kwas mai yunit 3 yana da 14.5 a gwaji da 30 a jarrabawa, jimilla 44.5. Sauran biyun ma kowanne yana da 44.5 a wani kwas.

Ga dalilin. A Python 3, wanda ya fito a Disamba 2008, idan lamba ta tsaya daidai a rabi, `round` ba ya hawa sama kullum. Yana zuwa ne wurin lambar da take rabuwa biyu daidai, ko tana sama ko tana ƙasa. Ku gwada da kanku yau da dare:

```
for x in (39.5, 44.5, 49.5, 59.5, 69.5):
    print(x, int(x + 0.5), round(x))
```

Za ku ga hanyoyin biyu sun dace a 40 da 50 da 60 da 70, domin duk waɗannan suna rabuwa biyu. A 44.5 kaɗai suka rabu: tsohon layi ya ba da 45, `round` ya ba da 44. A cikin iyakokin ma'auninmu guda biyar, 45 ce kaɗai mara, ita ce kuma iyakar D da E. D nauyinta 2, E nauyinta 1, sau yunit 3, ga nauyi ukun da suka ɓace. Wasu ɗalibai ma makinsu ya motsa, mai 62.5 ya koma 62 maimakon 63, amma tunda B ce ko ta ina ba ta bayyana a GPA ba. Gwajin da na yi da hannu ya faɗa ne kan lambobi biyu da ba za su taɓa nuna matsalar ba.

Da na kai wa jami'in jarrabawa maganar, sai ya yi shiru, can ya ce ya tuna. Shekarun baya wani malami ya taɓa zuwa da takardarsa ta Excel yana cewa ɗalibarsa D ta ci, na'ura ta ba ta E. Excel kuwa, da `ROUND` ɗinsa, 44.5 zuwa 45 yake kai ta. Yaron da ya rubuta sikirif ɗin ya zauna ya gyara a ranar, bai rubuta dalili ba. Ashe layin da na ɗauka rashin sani ne, tabon wani rauni ne da aka riga aka yi jinyarsa. Garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan kuskure shi ne ba ya ƙara. Akwai layukan da idan ka cire su manhaja take faɗuwa nan take. A fayil ɗin nan akwai `encoding="utf-8-sig"`, wanda aka sa domin Excel yana liƙa wata ɓoyayyiyar alama mai bayit uku a farkon fayil idan ka ajiye shi a matsayin CSV UTF-8. Ka cire shi, sikirif ya kasa gane sunan gurbin farko, ya tsaya da jan rubutu. Wannan kuskure mai sauƙi ne, da kansa yake kiran ka. Na 44.5 kuwa sakamako zai fito tsaf, a buga, a sa hannu, a liƙa.

Kada ku ɗauka ƙananan ofisoshi irin namu kaɗai abin yake samu. A 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a tsarin Debian ya ga wata manhajar bincike mai suna Valgrind tana ƙorafi a kan layuka biyu masu kama da juna a sashen da yake samar da lambobin sirri. Ya tambayi masu OpenSSL, amsar da ya samu ba ta hana shi ba, sai ya kashe layukan. Ɗaya cire shi ba ya cutarwa. Ɗayan kuwa shi ne yake zuba bazuwar lambobi a cikin tukunyar da ake ƙera mabuɗan sirri. Da ya tafi, kusan abin da ya rage shi ne lambar aikin da ke gudana, wadda ba ta wuce 32,768. Wato mabuɗin da ya kamata a ce ba mai iya cankarsa ya koma ɗaya daga cikin dubu talatin da 'yan kai a kowane nau'i. Babu abin da ya faɗi, babu jan rubutu. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano shi, aka sanar ranar 13 ga watan, masu Debian da Ubuntu a faɗin duniya suka shiga sake mabuɗai. Mutumin nan da ya kashe layukan ƙwararre ne, kuma ya yi tambaya. Abin da ya rasa shi ne awon da zai nuna masa cewa abin da yake fitowa ya canja.

Na mayar da layina yadda yake da `git checkout lissafi.py`, na sake shigar da sabon gurbin shi kaɗai, na kunna. `diff` ya yi shiru a kan ɗalibai 412. Wannan shi ne dalilin da ake cewa canji ɗaya a lokaci ɗaya. Da na haɗa gyara biyar a zama ɗaya, da na ga ɗalibai uku sun motsa ban san wanne ne ya motsa su ba.

Amma dole in faɗa muku iyakar wannan hanya, domin kada ku dogara da ita fiye da ƙarfinta. Mudun nan abin da aka zuba masa kawai yake aunawa. Da a ce bara babu wanda ya ci 44.5, da `diff` ya yi shiru, da na wuce da kuskurena. Saboda haka na ƙirƙiri wani ƙaramin fayil na ɗaliban da ba su wanzu ba, na tsayar da kowannensu a bakin wata iyaka: mai 39.4 da mai 39.5, mai 44.4 da mai 44.5, haka har 69.5, da mai sifiri, da mai 100, da wanda aka rubuta masa `ABS`, da wanda aka bar gurbinsa ba komai, da mai suna da ƙ da ɗ da ɓ. Duka ba su kai ashirin ba. Na ba tsohon sikirif su, na ajiye amsarsa a matsayin mudu na biyu. Idan kana so ka san aikin wani layi da ya shige maka duhu, hanyar ita ce wannan: a cikin kwafin gwaji ka kashe shi, ka kunna a kan mudun biyu, ka ga wa ya motsa. Idan babu wanda ya motsa, ba ka tabbatar da cewa layin ba shi da amfani ba. Ka dai tabbatar cewa bayananka ba su taɓa shi ba.

Akwai irin wannan a fayil ɗin. Sikirif ɗin ba ya rubuta sakamako kai tsaye. Yana rubutawa a wani fayil na wucin gadi, sai ya gama sannan ya kira `os.replace` ya sauya masa suna. Ka cire wannan zagaye, duk gwajin duniya zai ce lafiya lau. Amfaninsa ba ya bayyana sai ranar da aka ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe, ana tsakiyar rubutu. Da zagayen, tsohon sakamako yana nan cikakke. Ba tare da shi ba, rabin fayil za ka tarar. Mu da muke zaune a Gadau ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba. Irin wannan layi ba awo ne yake bayyana shi ba, sai tambayar wace masifa ce zai iya karewa, da kuma tambayar dattawan ofis. Sau da yawa magatakardan da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba shi ne yake riƙe da tarihin.

Ɗaliban ƙirƙirar nan sun tono mini wani abu kuma. Wanda aka bar gurbin makinsa ba komai, sikirif ɗin yana ɗaukarsa sifiri ya ba shi F. Wato idan malami bai kawo makin yaro ba, yaron ne yake faɗuwa. A ganina wannan kuskure ne, kuma raina ya so in gyara a take. Ban gyara ba. Ko gurbin da ba komai yana nufin faɗuwa ko yana nufin a jira, wannan hukuncin makaranta ne, ba na mai rubuta manhaja ba. Na rubuta shi a takarda na kai wa jami'in jarrabawa, shi ya kai gaba. Da amsa ta dawo cewa a riƙa ware irin waɗannan a jerin masu jiran maki, sai na yi shi a matsayin canji na dabam, da hasashensa na dabam: a makin bara mutum biyu ne masu gurbi ba komai, su kaɗai ya kamata su motsa. Su kaɗai suka motsa.

Ranar fara aiki da sabon ma ban goge tsohon ba. A zangon farko mun kunna su biyun a kan makin bana, muka gwada, sai da bambancin ya tsaya kan abin da muka yi niyya sannan aka buga. Na kuma ƙi yarda a yi sauyin a daren da za a kai sakamako gaban kwamiti, muka yi shi da saura mako biyu.

Abu na ƙarshe da na yi kafin na miƙa kwamfutar shi ne na koma kan layin nan na rubuta masa abin da ya rasa tun farko:

```
# Kada a mayar da shi round(): round(44.5) = 44, D ta koma E.
maki = int(jimla + 0.5)
```

Na yi wa `utf-8-sig` da `os.replace` irin wannan. Layuka biyu da har na gama ban gano dalilinsu ba, na bar su yadda suke, na rubuta a kansu cewa an gwada kashe su a kan mudu biyu babu abin da ya motsa, amma ba a cire ba. Mudun biyu da umarnin kunna su na ajiye su a folda ɗaya da sikirif ɗin, na zaunar da sabuwar mai hidimar ƙasa da aka turo ofishin ta kunna su a gabana har sau biyu, ta canja layin zuwa `round` da hannunta, ta ga ɗalibai ukun sun fito, ta mayar.

Na ga hannuwa sun fara tashi a baya. Bismillah, ƙanwata, ke da ke kusa da taga, fara.